Nawa ya kamata in biya don samun sabon kwastoma?

*Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon wanki da guga a Kano, shekararmu uku, muna ɗauko kaya daga gida mu mayar. Yayana ne ya zuba jarin, ni nake gudanarwa. A watan jiya na kashe naira 120,000 a tallan Instagram, na kuma yi rangwamen rabin kuɗi a wankin farko, muka samu sababbin kwastomomi 20. Wanki ɗaya yakan kai naira 5,000, ribarmu a ciki kamar 1,500. Yaya ya ce biyan 6,000 a kan mutumin da zai ba ka 1,500 almubazzaranci ne. Ni kuwa ina da masu kawo wanki sau biyu a wata tun da muka buɗe, kowannensu ya kashe mana wajen 360,000. Yanzu wani mai mabiya da yawa ya ce zai riƙa kawo mana mutane a kan naira 10,000 kowane kai. Maganar ta fara ɓata tsakanina da Yaya. In karɓa?*

*Mai shagon wanki, Kano*

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka karɓi tayin a yadda aka kawo maka shi. Amma kada ka rufe wa mutumin ƙofa, domin akwai sharaɗin da in ya yarda da shi, cinikin zai yi maka kyau, kuma zan zo kansa. Kafin nan sai mun gyara lissafin, saboda da kai da Yaya kowa ya riƙe lamba ɗaya ta gaskiya ya ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Mai sayen kaza don ƙwai ba ya kwatanta kuɗinta da ƙwan da za ta yi ranar farko, kuma ba ya ɗaukar cewa duk kajin da ya saya za su yi kamar wadda ta fi kowacce ƙwai a kejinsa. Yana cire kuɗin abinci, yana sa ran wasu za su mutu, sannan ya ga abin da ya rage. Lambar da kuke nema ke nan: jimillar ribar da sabon kwastoma na tsaka-tsaki zai bari a shagon daga ranar da ya fara zuwa har ranar da ya daina. Ita ce ƙimarsa a wurinka, kuma duk abin da ka biya sama da ita wajen samo shi, daga aljihun Yaya ya fita ba zai dawo ba.

Mu fara da kuɗin da ke shiga. Abin da kwastoma ya biya ba naka ba ne gaba ɗaya. Kafin naira 5,000 ta zama taka, an cire sabulu da sitaci da bula da turare da leda, an cire ruwa da wuta ko man janareto, an cire ladan mai wanki da na mai guga in a kan kowane kaya kake biyansu, an cire kuɗin mai babur zuwa da dawowa. Akwai kuma abin da masu wanki da yawa ba sa rubutawa: diyyar shaddar da dutsen guga ya ƙona ko farar rigar da rini ya ɓata, da bashin da aka ci aka ƙi biya. Waɗannan ba kullum suke faruwa ba, amma in ka tara na shekara ka raba a kan yawan wankin da kuka yi, za ka ga kowane wanki yana ɗauke da nasa kason. Zan yi aiki da 1,500 ɗin da kuka ce, amma ka sake auna ta da farashin wannan makon. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, ribar da mai wanki ya haddace a kansa sau da yawa tsohuwa ce.

Kuɗin hayar shago da albashin wanda ake biya a wata kada ka sa su a nan. Ko sabon kwastoman ya zo ko bai zo ba, sai ka biya su. Amma wannan yana tsayawa ne muddin injinka da ma'aikatanka suna da sararin ƙarin aiki. Ranar da ƙarin mutum 20 zai sa ka sayi wani inji ko ka ɗauki wani mai guga na albashi, to wannan kuɗin ya shiga lissafinsu.

Saboda haka mai kawo wanki sau biyu a wata yana bar maka naira 3,000 a wata, ba 10,000 ba. Tun a nan lambar nan taka ta shekara uku ta sauko daga 360,000 zuwa 108,000.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne yake kayar da mutane masu ilimi ma. Kwastomomin da kake tunawa su ne waɗanda suka zauna. Ka san sunayensu, ka san ƙofar gidajensu, ka san wanda ba ya son sitaci mai yawa. Waɗanda suka zo sau ɗaya a shekarar farko suka ɓace, ba ka tuna fuskarsu, amma su ma sababbin kwastomomi ne a ranar da suka zo. In kana so ka san abin da sabon mutum zai kawo, dole ka lissafa da waɗanda suka tafi, domin lokacin da kake biyan kuɗin talla ba ka san wane ne zai zauna ba. Duka kake saya.

Littafin shagonka ne zai gaya maka gaskiyar wannan. Ka ɗauki wata guda da ya wuce da aƙalla shekara, ka fitar da duk wanda ya kawo wanki karon farko a wannan watan, ka bi kowa da lambar wayarsa ba da sunansa ba, tunda sunaye suna maimaituwa kuma sau da yawa yaro ake aikowa. Ka rubuta sau nawa kowa ya dawo da kuma watan da ya zo na ƙarshe. Wanda ya yi kwana 60 bai kawo komai ba, ka ɗauka ya tafi. In ya dawo daga baya sai ka gyara. Ka yi haka da watanni uku ko huɗu daban-daban, amma ka ware watan da salla ta faɗo a ciki. Masu kawo babbar riga da sabuwar shadda ana gobe salla mutanen kirki ne, sai dai da yawansu ba za ka sake ganinsu ba sai wata sallar, kuma in ka haɗa su da sauran za su karkatar da lissafin.

Bari in sa lambobin misali a kan mutum 20, kai kuma ka maye gurbinsu da na littafinka. A ce 10 sun yi wanki ɗaya ba su dawo ba. Ribarsu duka 15,000. A ce 6 sun yi kamar wata biyu, wato wanki huɗu-huɗu, sannan suka daina. Kowannensu ya bar 6,000, jimilla 36,000. Saura mutum 4 da suka zama 'yan gida. Tambayar ita ce, wata nawa ɗan gida yake yi kafin ya tafi?

Ba sai ka jira shekaru ba kafin ka san wannan. Ka duba 'yan gidan da kake da su a farkon wata, ka ga nawa ne suka daina a cikin watan. In cikin kowane 100 ana rasa 5 a wata, wani ya tashi daga unguwar, wani ya sayi injin wanki, wani an ɓata masa rai, to a tsaka-tsaki mutum yana yin wata 20, domin 100 a raba da 5 shi ne 20. A rubuce ga yadda yake:

```
ƙimar ɗan gida = ribar wata ÷ kason da ke tafiya a wata
60,000 = 3,000 ÷ 0.05
```

Mutum 4 a kan 60,000 sun ba da 240,000. Ka haɗa da 36,000 da 15,000, ka samu 291,000. Ka raba wa mutum 20 ɗin duka, ba 4 ɗin kawai ba, kowane kai ya tashi a naira 14,550. Ga ƙimar sabon kwastoma a wannan misali. Ta ninka lambar Yaya kusan sau 10, amma ba ta ko kusanci taka ba.

Wannan rabawar tana da wurin da take yaudara. In a watan da ka duba mutum 1 ne kawai ya tafi cikin 100, lissafin zai ce kowa zai yi wata 100, fiye da shekara 8, alhali shagon ma shekararsa uku. Shi ya sa ake ɗaukar tsakaitaccen adadi na watanni da dama, kuma ni ba na yarda a lissafa wa kwastoma zaman da ya wuce shekarun da shagon ya riga ya yi. Abin da ba ka taɓa gani a littafinka ba, kada ka kashe kuɗi a kansa.

Yanzu mu koma ga abin da ka biya, domin shi ma ba daidai kuka ɗauke shi ba. Rangwamen rabin kuɗi kuɗin talla ne, sai dai bai fita ta asusun banki ba shi ya sa bai yi zafi ba. Naira 2,500 sau 20 ta zama 50,000. Ka haɗa da na Instagram, ka kashe 170,000, wato 8,500 a kan kowane mutum. In ka biya wanda ya ɗauki bidiyon ko ya tsara hoton, ka ƙara. Sannan ka tambayi kanka ko duka 20 ɗin tallan ne ya kawo su. In a watan da ba ka yi talla ba ma kana samun sababbi 3 ko 4 ta bakin maƙwabta, to waɗannan da ma za su zo, sun dai ci rangwame ne kawai, kuma kuɗin ya kamata a raba shi ne a kan sauran. Hanya mafi sauƙi ta sanin wannan ita ce a tambayi kowane sabon mutum ta ina ya ji labarinku, a rubuta amsar kusa da lambarsa.

To 8,500 ta fita, 14,550 za ta shigo. A takarda an ci riba. Amma kuɗin farko ya fita a wata ɗaya, na biyun kuwa yana shigowa ne kaɗan-kaɗan. Waɗanda ba su daɗe ba sun ba da nasu 51,000 a watanni biyun farko, daga nan sai mutum 4 da ke kawo 12,000 a wata, kuma su ma suna raguwa. In ka bi shi wata-wata, 170,000 ɗin ba za ta dawo ba sai wajen wata na 14. A shekarar farko gaba ɗaya, kowane kai bai kawo fiye da kimanin 8,000 ba. A nan Yaya yake da gaskiyar da ya kamata ka ba shi: shi yake ganin asusu, kuma asusun zai yi fiye da shekara yana nuna giɓi. Ba rashin fahimta ba ne ya sa hankalinsa ya tashi.

Kuma nairar da za ta zo bayan wata 14 ba ta kai nairar yau ba. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Ko da abin ya lafa, duk mai wanki ya san farashin sabulu da mai yakan riga farashin wanki tashi, saboda ƙara wa ɗan gida kuɗi abu ne da ake jan ƙafa a kansa. Ban da haka, kuɗin da ka ɗaure a talla da ya iya sayen sabulu a sari ko ya rage kuɗin wani inji. Hanyar sa wannan a lissafi ita ce ka zaɓi kason da kake ganin jira yana ci maka a wata, a ce kashi 3, ka ƙara shi a kan kashi 5 na masu tafiya. Sai ka raba 3,000 da 0.08 maimakon 0.05. Ɗan gida ya sauko zuwa kimanin 37,500, kuma ƙimar sabon kai ta koma wajen naira 10,000.

Wannan 10,000 ɗin ita ce rufin. A kanta ba riba ba asara: ka wanke wa mutane kaya na wata da watanni, ka ɗauki haɗarin ƙona musu shadda, a ƙarshe ka mayar da abin da ka biya kawai, ba abin da ya taimaka wajen biyan haya. Ka ga tayin da aka yi maka ya faɗo daidai kan rufin, kuma in ka ɗora masa rangwamen wankin farko ya wuce shi. Duk ribar za ta tafi wurin mai kawo mutanen.

Ba a biyan kuɗi har rufi, saboda lambobin nan ƙiyasi ne a kan mutane kaɗan. In a maimakon 4 mutum 3 ne suka zauna, 14,550 ta koma ƙasa da 12,000, kuma bambancin mutum ɗaya ne tak. Masu kamfanonin manhaja da ake biya wata-wata suna da ƙa'idar da suka yi fice da ita, cewa ƙimar kwastoma ta ninka kuɗin samo shi sau 3. Ba doka ba ce, al'ada ce ta wata sana'a, amma hikimarta tana aiki a ko'ina: kashi ɗaya ya mayar da kuɗin talla, sauran su ɗauki haya da albashi da kuskuren lissafi, a samu abin da ya rage. A misalinmu kashi ɗaya cikin 3 na 14,550 bai kai 5,000 ba sosai.

Ni na fi son wani ma'aunin ga ƙaramin shago irin naku, domin ya fi kusa da abin da ke damun Yaya. Ku zauna ku yanke wata nawa za ku iya jira kuɗin talla ya dawo ba tare da an taɓa kuɗin haya ko na ma'aikata ba. In wata 6 ne, sai a duba abin da sabon kai yake kawowa a wata 6 na farko. A misalin nan ya kai wajen 5,700. Ma'aunan biyu sun kawo mu kusan wuri ɗaya, tsakanin 5,000 da 5,500, kuma wannan har da rangwame a ciki. Abin da za ka iya biya ke nan hankali kwance. Abin da ka biya a watan jiya ya wuce shi, ko da yake bai kai rufin ba, saboda haka ba asara ka yi ba, ciniki ne mai tsada da jinkirin dawowa.

Kada ka ga kamar ƙananan 'yan kasuwa ne kawai ke faɗawa wannan rami. Kamfanin Blue Apron na Amurka, mai kai wa mutane kayan girki gida a kan biyan mako-mako, ya shiga kasuwar hannun jari a 2017 da ƙimar da ta kusa dala biliyan 2. Yana kashe kuɗi masu yawa wajen jawo sababbin mutane da rangwame, da yawansu kuma suna tafiya bayan 'yan watanni. Wannan na cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da shi, kuma a 2023 aka sayar da shi a kan kimanin dala miliyan 103. Su suna da kuɗin masu zuba jari da za su rufe giɓin na shekaru. Kai jarin ɗan'uwanka ne.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata. Matsalar biyan kuɗi a kan kowane kai ita ce ta raba muradinka da na mai kawo mutanen. Shi yana cin kuɗinsa ne da zarar mutum ya yi wanki ɗaya, don haka ba ruwansa da ko zai dawo. Ko da mutumin kirki ne, zai fi sauƙi ya turo abokai da masu son gwadawa. In kuwa ba na kirki ba ne, lissafin a fili yake: ya ba wani naira 5,000 ya kawo wanki, ya karɓi 10,000 a wurinka, ya rage da 5,000 da wankakkun kaya. Duk ladan da ya fi kuɗin wankin farko yana buɗe wannan ƙofar.

Ka mayar da biyan inda ƙimar take. Ka ce masa za ka ba shi naira 2,000 idan sabon mutum ya yi wankin farko a cikakken farashi, sannan 8,000 idan mutumin ya kai wanki na 6. Jimilla 10,000 ɗin da ya nema ce, amma a kan wanda ya zauna. Me ya sa na 6? Saboda a misalinmu masu wucewa ba sa haura wanki huɗu, wanda ya kai na 6 kuwa ya shiga sahun da ƙimarsu ta haura 37,000. Littafinka zai nuna maka inda naka layin yake, wataƙila na 5, wataƙila na 8. In ya kawo mutum 20 kuma 4 suka zauna, ka biya 40,000 da 32,000, wato 72,000, kowane kai 3,600. In mutanensa nagari ne har 10 suka zauna, zai ci 120,000, kai kuma ka biya da farin ciki. Ku rubuta yarjejeniyar, ku sa cewa sabon mutum shi ne wanda lambarsa ba ta taɓa shiga littafinku ba, ku kuma fayyace unguwannin da za ku karɓa. In ya ƙi wannan tsarin gaba ɗaya, ya gaya maka ra'ayinsa game da mutanen da zai kawo.

Batun unguwa ba ƙarami ba ne a sana'ar da ake kai kaya gida. In shagonka yana Kabuga, mutumin Hotoro ko Mariri zai iya cinye rabin ribarsa a kuɗin babur kaɗai, sai dai in kana da wasu kwastomomin a can da za a haɗa tafiyarsu. Mutum biyu da ke biyan kuɗi iri ɗaya ba lallai ƙimarsu ta zama ɗaya ba. Haka ma ɗalibin Jami'ar Bayero da zai tafi hutu ko ya gama karatu ba ɗaya yake da magidancin da ke da yara huɗu 'yan makaranta ba. A tallan Instagram kana iya taƙaita waɗanda za su gani zuwa 'yan kilomitoci kewaye da shagon, kuma ya kamata ka yi hakan. Sai dai ka sani, da zarar ka taƙaita, mutanen da ke saurin amsawa za su ƙare da wuri. Mutum 20 na biyu sukan fi na farko tsada, na uku su fi na biyu. Saboda haka kada ka haɗa kuɗin watanni ka ɗauki tsaka-tsaki. Ka auna kowane wata shi kaɗai, ka tsaya a watan da ya haura iyakar da kuka sa.

Akwai wurin da na fi so ka sa ƙarfinka fiye da cinikin farashin talla. Ka sake duba lissafin: cikin 291,000, mutum 4 ne suka kawo 240,000. In ka iya mayar da su 6, ta hanyar riƙe biyu daga cikin masu yin wata biyu su tafi, jimillar ta kai 399,000, kowane kai ya kusa 20,000. Ba ka ƙara ko kwabo a talla ba, amma rufin ya ɗaga da kusan kashi ɗaya cikin 3, kuma a lokacin ne za ka iya biyan abin da shagon da ke kusa da kai ba zai iya ba. Mutum yakan bar mai wanki ne saboda abubuwa sanannu: an ce Alhamis za a kawo kaya sai ga shi Juma'a da hantsi ba su zo ba, an haɗa masa da hular wani, kaya sun zo da warin danshi a damina. Ka kira mutum 10 cikin waɗanda suka daina ka tambaye su ba tare da kare kanka ba. Sannan ka ɗauke rangwamen daga wankin farko ka kai shi na uku. Rabin kuɗi a karon farko yana kiran mai neman arha, wanda zai kwaso barguna da labulen gidan duka ya kawo sau ɗaya. Rangwame a na uku kuwa yana ba wanda ya riga ya gwada dalilin dawowa sau biyu, kuma ba ka biyansa a kan waɗanda suka tafi.

Wani zai ce maka ka ƙara ƙimar kwastoma da mutanen da zai jawo maka. Gaskiya ne ɗan gida yakan kawo maƙwabcinsa, amma kada ka sa wannan a lissafi sai ka fara rubuta wa ya kawo wa, ka ga adadin da idonka. Kuma in ka gwada ba ɗan gida wanki ɗaya kyauta a kan duk wanda ya kawo ya kai wanki na uku, abin da zai ci maka shi ne kuɗin yin wankin, wato naira 3,500 a lissafinku, ƙasa da iyakar da muka samu.

Game da Yaya, kada ka je masa da hujjar baki, kun riga kun gaji da ita. Ka je da takarda ɗaya: ga sababbin da suka zo a watanni kaza na bara, ga nawa suka zauna, ga abin da suka bari. Ka fara da faɗa masa cewa kuɗin watan jiya ya fi yadda kuka ɗauka saboda rangwamen, kafin shi ya gano. Mai jari yana iya haƙuri da ciniki mai tsada in ya ga wanda ya ba amana yana ƙirga kuɗin fiye da yadda shi yake ƙirgawa. Sannan ku yanke abu uku tare: iyakar kowane kai, iyakar abin da za a kashe a wata, da ranar da za a sake zama.

Mutum 20 ɗin nan na watan jiya su ne gwajin da kuka riga kuka biya kuɗinsa, don haka ku jira sakamakonsa. Ka buɗe musu shafi na daban, kada su cakuɗa da sauran, domin wanda talla da rangwame suka kawo sau da yawa ba ya zama kamar wanda ɗan'uwansa ya turo. Nan da kwana 60 za ka ga nawa suka yi wanki na biyu a cikakken farashi, nan da kwana 90 ka ga nawa suka kai na 6. In sun kai mutum 6 ko fiye, ka koma talla da iyakar da kuka amince, ba tare da rangwamen farko ba. In 2 ne ko ƙasa, ka dakatar da shi, ka kira waɗanda suka tafi. Allah ya sa albarka a sana'ar, ya daidaita tsakaninku.